Yadda za ka kauce wa ƙarin aiki daga oga ba tare da kun ɓata ba

Tambayar nan ta yi ta zuwa min har ta ishe ni, kusan duk da kalma ɗaya: oga yana ta lafta min aiki, na gaji, in na ce a'a ya ƙullace ni, in na ce to na mutu, ya zan yi? To yau dai na zauna na rubuta. Amma ba kowane irin ƙarin aiki zan taɓo ba, zan tsaya ne a kan wanda ya fi yawa, wato hannunka cike yake da aikin da shi ogan ya ba ka da kansa, sai kuma ga shi ya zo da wani sabo yana so nan da jibi. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne ba "a'a" za ka ce masa ba, za ka nuna masa awoyin da kake da su ne ka bar shi ya zaɓi abin da za a ajiye. Kayan aikinka takarda da biro ne, sai kalanda, sai kamar minti 15 na nutsuwa, shi ke nan.

1. Kada ka ba da amsa a tsaye

Yawancin mu a nan muke faɗawa rami. Oga ya tsaya a kanka da fayil a hannu, kunya ta kama ka, kafin ma ka san me ke cikin fayil ɗin bakinka ya riga ya ce "to ranka ya daɗe, ba damuwa". An gama. Duk abin da za ka faɗa daga baya ya zama janye magana, kuma janye magana ya fi ƙin karɓa tun farko ɓata rai sau goma.

Abin yi shi ne ka karɓi bayanin da fara'a, ka ɗauki biro ka rubuta a gabansa, sannan ka yi tambaya uku. Yaushe ake so, ranar da ƙarfe nawa? Wane irin abu ake so ya fito, shafi ɗaya ne ko cikakken rahoto? Kuma wa zai yi amfani da shi? Daga nan sai ka ce, "Yallaɓai ka ba ni minti 20 in duba abin da ke hannuna, zan same ka ofis in faɗa maka yadda za a yi."

Tambayoyin nan ba na jan lokaci ba ne kawai. Sau da yawa za ka tarar aikin da ka ɗauka na kwana biyu ne ashe lamba uku kawai mutumin yake so ya faɗa a mitin, ko kuma "da gaggawa" ɗin da ya ce ashe sai sati mai zuwa za a buƙata.

Gargaɗi: "zan duba", "bari mu gani", "in sha Allahu", duk waɗannan a kunnen oga "na karɓa" suke nufi. In ba ka sa lokacin da za ka dawo da amsa ba, shi ya riga ya cire aikin daga kansa ya ɗora a naka. Kuma in ka ce minti 20 to ya zama minti 20, kar ka ɓace sai gobe.

2. Ƙirga awoyinka a takarda

Nan ne ƙashin bayan maganar, don haka zan ɗan daɗe. "Aiki ya yi min yawa" ba hujja ba ce, kowa a ofis haka yake cewa, har wanda ya wuni yana danna waya. Abin da oga ba zai iya musawa ba shi ne lissafi.

Mu ɗauka kana sashen kuɗi, ana shiga ƙarfe 8 a tashi ƙarfe 5, akwai hutun awa ɗaya a tsakiya. Yau Laraba ƙarfe 3 na yamma. A hannunka akwai rahoton wata da za a miƙa ranar Juma'a ƙarfe 12, saura aikin awa 6 a kansa. Akwai tantance rasidai da shi ma ya ce a gama kafin wannan lokacin, awa 4. Gobe Alhamis kuma akwai mitin na awa 2 da ba za ka iya ƙin zuwa ba. Sai ga shi ya kawo sabo: ka haɗa masa jerin duk masu kawo wa kamfani kaya na bara, da adadin da aka biya kowanne, yana so Juma'a da safe. Ka duba ka ga a ƙalla awa 7 ne, don wasu takardun ma sai an tono su.

Yanzu ka ja layi a tsakiyar takarda. Gefe ɗaya awoyin da suka rage: yau awa 2, gobe awa 8 a cire mitin saura 6, Juma'a daga 8 zuwa 12 awa 4. Jimla 12. Ɗaya gefen aikin da ake jira: 6 da 4 da 7, wato 17. Ka ga akwai giɓin awa 5, kuma wannan fa a ce babu wanda ya kira ka a waya, babu wanda ya leƙo ya ce ka taimaka masa da firinta, ba ka amsa imel ko ɗaya ba, abin da ba ya taɓa faruwa.

Shi ya sa nake cewa kar ka ƙirga wuni a matsayin cikakkun awa 8 na aiki. Ni a nawa lissafin nakan cire awa ɗaya ko fiye a kowace rana saboda irin waɗannan ƙananan abubuwan, kuma duk aikin da ban taɓa yin irinsa ba nakan ƙara rabin abin da na yi zato a kai, in zuciyata ta ce awa 4 sai in rubuta 6. Mutum kullum yana raina tsawon aikin da bai fara ba, ba kai kaɗai ba ne.

Gargaɗi: kar ka kumbura lambobin. Ogan da ya taɓa zama a kujerarka ya san rasidai ɗari nawa ake tantancewa a awa, in ya kama ka da ƙari sau ɗaya to takardarka ta mutu har abada, ko ranar da kake da gaskiya ba zai kalle ta ba.

3. Tambayi kanka, wannan aikin na kaucewa ne kuwa?

Ba kowanne ake turewa ba. Kafin ka tashi daga kujera ka duba abu huɗu da sauri. Na farko, in aikin yana cikin ainihin abin da aka ɗauke ka don shi, to ba maganar ƙi ba ce, maganar jerin wanda zai riga wani ce kawai. Ka kuma sani takardun ɗaukar aiki da yawa suna da wani layi a ƙasa mai cewa za ka yi duk wani aiki da shugabanka ya ba ka, je ka karanta taka, don ƙin bin umarni mai ma'ana kai tsaye yana iya jawo takardar tuhuma. Wannan ma wani dalili ne da ya sa hanyar "wanne zan ajiye" ta fi "ba zan yi ba" lafiya.

Na biyu, in gobara ce ta gaske, misali masu binciken kuɗi za su shigo gobe ko wani abokin aiki ya kwanta asibiti, ka sa hannu kawai, irin wannan ranar ce ake tuna mutum da ita. Na uku, in kana watannin gwaji ba a tabbatar da kai ba, ka yi taka-tsantsan sosai, nemi ƙarin lokaci ya fi maka neman a ɗauke aikin. Na huɗu, akwai aikin da nauyi ne amma tsani ne, irin wanda zai sa manya su san sunanka, wannan kam gara ka nemi a rage maka wani ka riƙe shi.

Wanda ya fi cancantar ka kauce masa shi ne mai cin lokaci da babu wanda zai tuna wa ya yi, kuma kullum kai ake kawo wa don an san ba ka musu. Jakin ofis ke nan.

4. Zaɓi wuri da lokaci

Ku biyu kawai. Ba a mitin ba, ba a gurup ɗin WhatsApp na ofis ba, ba a gaban ƙananan ma'aikata ba. Ogan da zai saurare ka cikin ruwan sanyi a ofishinsa, shi ne dai zai kafe a gaban mutane don kar a ce yaronsa ya ja da shi. In a mitin ya jefo maka aikin, ce "na rubuta, ranka ya daɗe, zan same ka bayan an tashi", kar ka ƙara komai. In kuma ka leƙa ka ga yana waya yana faɗa ko yanzu ya fito daga wurin nasa ogan fuska a murtuke, koma ka ba shi rabin awa.

5. Maganar kanta

Tsarinta huɗu ne a jere kuma jerin yana da muhimmanci: ka nuna ka fahimci amfanin aikin, ka ajiye lissafin, ka kawo mafita biyu, ka miƙa masa zaɓi. Duka bai kamata ya wuce minti biyu ba. Ga yadda za ta kasance a misalinmu:

"Ranka ya daɗe, na duba aikin jerin masu kawo kayan nan, na kuma gane kana so ne saboda zaman ranar Litinin. Ga abin da ke hannuna zuwa Juma'a ƙarfe 12: rahoton wata awa 6, rasidai awa 4, wannan kuma zai ci kamar 7, ni kuma awa 12 suka rage min. In na ce zan haɗa ukun to ɗaya zai fito da kuskure, kuma ba na so ya zama rahoton da za ka sa wa hannu. Abin da na gani shi ne ko dai a ɗage rasidai zuwa Talata in yi wannan, ko kuma in ba ka manyan guda 10 ranar Juma'a, cikakken jerin ya biyo baya ranar Laraba. Wanne ka ga ya fi?"

Sai ka yi shiru. Wallahi shirun nan shi ne mafi wuya, don in ya ɗan daɗe bai ce komai ba sai ka ji kamar ƙasa ta tsage, ka fara "amma dai in ba hali zan san yadda zan yi", ka rushe duk ginin da hannunka. Bar shi ya yi tunani, lissafi yake yi shi ma.

Ka lura ba a ce "ba zan iya ba", ba a ce "ba aikina ba ne". An bar masa girmansa, shi ne dai mai yanke hukunci, kai bayani ka kawo masa wanda ba shi da shi, don gaskiya yawancin ogogi ba mugunta suke yi ba, mantawa suke da abin da suka ba ka shekaranjiya. Ka kuma lura da wancan yankin na "rahoton da za ka sa wa hannu", an nuna masa cewa asarar tasa ce ita ma, ba gajiyarka kaɗai ake magana ba. In mace ce shugabar ba abin da ya canza sai "ranki ya daɗe" ko duk yadda kuka saba kiranta.

Mafitar da za ka kawo takan zo iri huɗu: a ɗage wani aiki, a ɗage sabon, a rage girman sabon, ko a raba da wani. Biyu sun isa, in ka jero huɗu ka zama mai lacca.

Gargaɗi na farko: duk zaɓin da ka ajiye a tebur ka tabbata za ka iya cika shi, don zai iya ɗaukar wanda ba ka so. Dubi na farkon ma, rahoto awa 6 da jeri awa 7 sun zama 13 alhali kana da 12, wato ko an ɗage rasidai sai ka ƙara awa ɗaya ko biyu a wani wuri. In ba ka shirya wa hakan ba kar ka ambace shi, ko ka faɗa a fili cewa za ka ɗan tsaya bayan tashi ranar Alhamis.

Gargaɗi na biyu: kar ka jefa sunan abokin aiki, irin "ai wane ba ya komai, a ba shi". Magana zarar bunu ce, za ta koma masa kafin la'asar. In kana so a raba, fara tambayarsa tukuna, ko ka ce wa oga "in akwai wanda za a haɗa ni da shi ya ɗauki rabin takardun, za mu gama a kan lokaci", shi ya zaɓi mutumin.

Na uku, kar ka ƙirƙiro uzuri. Na taɓa yi a wani wuri da na yi aiki, na ce ina da uzurin gida ranar Asabar alhali barci kawai nake so, mutumin kirki sai ya ce ba komai, mu yi ranar Lahadi. Na rasa bakin magana, na yi aikin ranar Lahadi, ga ƙarya a wuyana. Uzuri ana iya zagaye shi, lissafin awoyi ba a iyawa. Ban haƙuri ma sau ɗaya ya isa, in ka yi ta "don Allah ka yi haƙuri" sau biyar sai ya ji kamar laifi ka yi.

6. In ya matsa

Zai iya matsawa, kar ka ɗauka ka faɗi. In ya ce "ai duka masu muhimmanci ne", ce "haka ne ranka ya daɗe, to wanne zan fara miƙawa, don in ɗaya zai makara gara ka sani tun yau ba ranar Juma'a ba". In ya ce "ai ɗan ƙaramin abu ne, awa ɗaya ka gama", kar ka yi gardama, nuna masa inda lokacin yake tafiya: "takardun wata huɗu ba sa cikin kwamfuta, sai an ciro su daga fayil ɗaya bayan ɗaya, in akwai wata hanya mafi sauri ka nuna min". Wani lokacin da gaske akwai, ka ga ka huta. In kuma ya zo ta hanyar yabo, "ai kai kaɗai na yarda da aikinka", wannan ya fi kowanne kama mutum, ka yi godiya da gaske sannan ka koma kan takarda: "shi ya sa ba na so in kawo maka abin da ba ka saba gani daga wurina ba".

In ya ce ka tsaya bayan tashi ko ka shigo ranar hutu, to an shiga wata magana. Ka tambaya cikin ladabi yadda za a lissafa, kuɗin ƙarin lokaci ne ko za a rama maka da hutu wata rana. Dokar wannan ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ta danganta da kwantiraginka da matsayinka, don haka ka san naka tun kafin ranar ta zo. Ma'aunin awa 8 a rana da 48 a sati ba sabon abu ba ne, tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shi a yarjejeniyarta ta farko don ma'aikatan masana'antu, amma don Allah kar ka je ka karanto wa oga wannan a kan aikin kwana biyu, sanin naka ne.

Sau biyu za ka maimaita matsayinka, da murya ɗaya, ba ɗagawa. In a karo na uku ya ce a yi duka, to ka karɓa, ka ce "zan yi iyakar ƙoƙarina, zan fara da rahoton wata, jerin kuma mai yiwuwa ya kai yamma". Ba ka ci nasara yau ba amma ya ji, kuma ranar Juma'a ba zai ce ba a faɗa masa ba.

7. Rubuta abin da aka tsayar

Kana komawa kujera ka tura gajeren saƙo ta imel ko duk inda kuka saba: "Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana, zan kawo rahoton wata da rasidai Juma'a ƙarfe 12 tare da manyan masu kawo kaya guda 10, cikakken jerin ranar Laraba. Na gode." Layi uku, shi kaɗai.

Gargaɗi: kar ka sa nasa ogan ko ofishin kula da ma'aikata a kwafi. Da zarar ya ga wani suna a saƙon, abin ya tashi daga tunatarwa ya koma kai ƙara, duk ladabin da ka yi a ofishinsa ya tafi a banza.

8. Kwanakin da suka biyo baya

Alƙawari kaya ne, abin da ka ce Juma'a ƙarfe 12 ya kasance a teburinsa 11 da rabi. Wanda ya ture aiki sannan ya makara da aikin da ya riƙe, ya ba da kansa. Kuma kar a gan ka washegari kana ta hira a baranda awa guda bayan ka ce ba ka da minti ɗaya.

Akwai farashi, kar in ɓoye maka. Zai iya ɗan ja baya kwana biyu uku, gaisuwa ta gajarce, wannan ba komai ba ne, ka ci gaba da gaishe shi kamar kullum, kar kai ma ka ɗaure fuska. Da ka samu sarari kuma ka riga shi: "Yallaɓai na gama da rasidai, akwai abin da zan ɗauka?" Wannan tambayar ita ke goge sauran abin da ya rage a ransa. Ni dai ba na ture biyu a jere in ba dole ba, in na kauce wa ɗaya nakan karɓi na gaba in zai yiwu.

Alamar da za ta nuna abin ya wuce ɗan fushi ita ce in sati biyu uku sun shuɗe an daina kiranka mitin da ka saba zuwa, ko aikinka na ainihi ana ba wani ba bayani, ko umarni ya fara zuwa maka ta bakin wasu. In ka ga haka kar ka jira, nemi minti 10, ka ce "na ga kamar abubuwa sun ɗan canza tun maganar jerin nan, in akwai inda na kuskure ka faɗa min in gyara".

In kuma ƙarin aikin ba na rana ɗaya ba ne, kowane sati sai an kawo, to daina yaƙin ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙa ajiye takardun lissafin nan na sati huɗu, sannan ka nemi zama a ranar da babu wani aiki mai zafi a tsakaninku, ka shimfiɗa su, ka roƙi ku riƙa yin minti 10 kowace Litinin da safe kuna jera ayyukan satin tare, na ɗaya, na biyu, na uku. Daga nan duk abin da ya shigo ranar Laraba tambayarka ɗaya ce, "a wace lamba zan sa shi?"